Buhu Ya Ce Kilo 50, Sikeli Ya Ce 47: Wasiƙar Mai Shago Zuwa ga Dilan Fulawa

Duk wanda ke sayar da fulawa da awo a shagon unguwa ya san adadin kwanon da buhu ɗaya ya saba fitar masa. Ba sai ya rubuta ba, hannunsa ya riga ya haddace. Shi ya sa a mafi yawan lokuta ba sikeli ne ke fara gaya masa akwai matsala ba, gindin buhu ne: ya zura kwano yana sa ran saura biyu, sai ya ji yana kankarar leda. Ranar farko zai zargi yaron shago da cika wa mutane awo. Rana ta biyu zai ce ko shi ne ya yi kuskuren ƙirga. Sai abin ya maimaitu sau uku ko huɗu kafin ya tuna cewa a jikin buhun an rubuta kilo 50, kuma shi kuɗin kilo 50 ya biya.

Daga nan yawancin masu shago waya suke ɗauka. A kira dila, a yi ta ɗaga murya, shi ya ce haka kamfani ya kawo masa, kai ka ce an cuce ka, a kashe waya kowa ransa a ɓace, kuma ko kwabo bai dawo ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi rauni da ƙaramin ɗan kasuwa zai bi. Gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da lissafi ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, da sharaɗin an yi aikin da ya kamata kafin a rubuta ta. Wannan aikin shi ne awo, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Mu ɗauki misalin mai shago a wata unguwa ta Kano, wanda ke saro fulawa daga wani dila a Kasuwar Singa. Abokan cinikinsa matan da ke yin gurasa ne, da masu fanke, da masu cincin da taliyar murji. Ya sayi buhu 20, mu ƙaddara kowanne a kan naira 60,000, wato kilo ɗaya ya kama naira 1,200 ke nan. An sauke masa kayan ranar Talata. Ya buɗe buhu na farko ya ga bai kai yadda ya saba ba.

Abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya daina buɗe sauran. Buhun da aka riga aka farke bakinsa ba ya zama shaida, domin babu mai iya tabbatar da cewa ba a ɗebi komai ba bayan an buɗe. Buhunan da ke da ɗinkinsu su ne hujjarsa. A misalinmu, bari mu ce ya yi sa'a, na farkon da ya buɗe daga tsohon sari ne, sabbin 20 ɗin duk suna nan a ɗinke.

Sai ya waiwayi sikelinsa kafin ya waiwayi dila. Amsar farko da kowane dila zai bayar ita ce, "Sikelinka ne ba daidai ba," kuma wani lokacin gaskiya ya faɗa. Sikelin rataye mai ƙugiya yana saki idan ya tsufa. Mai lantarki kuma yana ruɗewa idan batir ya yi sanyi, ko aka ajiye shi a ƙasa mai tudu da kwari, ko gefen buhu ya zubo ya taɓa ƙasa, ko ya jingina da bango. Buhun da ya jingina da bango ya ba bangon wani ɓangare na nauyinsa, sai sikeli ya nuna ƙasa da gaskiya. Don haka a sa sikelin a kan daɓe mai laushi ɗaya, a tabbatar yana kan sifili, a ɗora buhun a tsakiya, a cire hannu, a jira lambar ta tsaya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. A ɗora jarka babu komai a ciki, a mayar da sikelin sifili, sannan a auna lita 20 ta ruwa da ma'aunin lita a zuba. Idan ya nuna kilo 20 ko kusa ƙwarai da haka, sikelin bai yi nisa da gaskiya ba. Kada a dogara da cewa jarkar "mai lita 20 ce", domin yawancin jarkoki suna ɗaukar fiye da abin da aka rubuta a jikinsu. Kuma gwaji da abu mai nauyi ya fi gwaji da ƙullin sukari, tunda sikeli yana iya yin daidai a kilo 2 ya kauce a kilo 50. Wanda ya fi wannan duka shi ne a kai buhu biyu ko uku kan wani sikelin na daban, na maƙwabci mai sayar da hatsi ko makamancinsa. Idan sikeli biyu da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya, musu ya ragu.

To, mai shagonmu ya auna buhunan ɗaya bayan ɗaya a gaban maƙwabcinsa, ya rubuta lamba da maka a jikin kowanne daga 1 zuwa 20, ya rubuta nauyinsa a littafi. Buhu 12 sun faɗo tsakanin kilo 49.9 da 50.2. Sauran takwas ɗin kuwa ga abin da suka nuna: 47.5, 48, 47, 48.5, 46.5, 48, 47.5 da 48. Idan aka cire kowanne daga 50 aka tara, giɓin ya kama kilo 19. A kan naira 1,200 kowane kilo, kuɗin ya kai naira 22,800. Idan ribar da yake sa rai a kowane buhu naira 2,500 ce, ribar sarin gaba ɗaya naira 50,000 ke nan, wato kusan rabinta ta tafi tun kafin ya sayar da kwano ɗaya. Ga babban ɗan kasuwa wannan ba komai ba ne. Ga mai shagon da ke biyan haya da kuɗin makarantar yara daga cikin wannan ribar, babban giɓi ne.

Lambobin nan ba adadin asara kaɗai suke nunawa ba. Wanda ya iya karanta su zai hango inda fulawar ta zube. Da a ce duk buhunan 20 sun ragu da adadi ɗaya, misali kowanne ya nuna 49.2, to da zargi ya fi karkata ga sikelin mai shagon, ko ga injin da ke cika buhu a kamfani, ko ga bushewa. Amma a nan buhu 12 sun cika a kan sikelin nan guda, a rana guda, a hannun mutum guda. Su ne manyan shaidun da ke wanke sikelin. Takwas ɗin da suka ragu kuma ba su ragu daidai wa daida ba, wani kilo ɗaya da rabi, wani uku da rabi. Inji ba ya irin wannan kuskuren. Wannan alamar hannun mutum ce, ko ta yagewar buhu.

Maganar bushewa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce uzurin da aka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Fulawa na fitowa daga inji da ɗan danshi a jikinta, wajen kashi 14 cikin 100 na nauyinta. Yawancin alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, kuma fulawa mai yawa na tasowa daga garuruwan bakin teku masu laima ta zo Arewa. Idan ta tarar da iskar hunturu, ta kuma daɗe a sito, wani ɓangare na ruwan nan yana tashi. Amma yana da iyaka, kuma ana iya lissafa shi. Buhu mai kilo 50 da danshinsa ya kai kashi 14 yana ɗauke da kilo 7 na ruwa da kilo 43 na tsantsar gari. Idan ya bushe har danshin ya sauko kashi 12, nauyinsa zai koma kusan kilo 48.9, ya rasa kilo ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Kafin bushewa kaɗai ta mayar da shi kilo 46.5, sai danshin ya sauko kusan kashi bakwai da rabi, abin da ba ya faruwa a buhun da aka jera cikin 'yan'uwansa a sito na 'yan kwanaki. Ban da haka, iska ba ta zaɓen buhu takwas ta bar sha biyu da suka fito daga rukuni ɗaya.

Saura a duba jikin buhunan. Ɗinkin kamfani layi ɗaya ne miƙaƙƙe, taku ɗaya, zare iri ɗaya a kan dukkan buhunan. Buhun da aka farke aka sake ɗinkewa yakan nuna layin tsofaffin huji a sama ko ƙasa da sabon ɗinki, ko zaren ya bambanta a launi ko kauri, ko bakin buhun ya gajarce. Wani lokacin ba a taɓa bakin ba sam: an soka bututu a kusurwa an zuƙe, sannan aka murza zaren buhun da yatsa ya rufe hujin. Idan ka shafa wurin za ka ji saƙar ta yi sako-sako, gari ya taru a kewaye. Akwai kuma asarar da ba ta ha'inci ba, kamar ƙusar mota da ta yagi buhu, ko ɓera, ko jifan da 'yan dako ke yi wa buhu wajen lodi. Wannan takan bar alama a fili, yaga ko faci. A misalinmu, biyar daga cikin takwas ɗin suna da tsofaffin huji a ƙarƙashin ɗinki, uku kuma babu wata alama da ido ya gani.

Yanzu ne lokacin wasiƙa. Ga yadda mai shagon zai iya rubuta ta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi.

"Alhaji, na rubuto ne a kan fulawa buhu 20 da na saya a wurinku ranar Talatar nan, wadda direbanku ya sauke mini da yamma. Hoton rasit yana tare da wannan takarda. Washegari Laraba na auna buhunan duka ɗaya bayan ɗaya kafin in buɗe ko ɗaya, a gaban maƙwabcina mai sayar da hatsi. Buhu 12 sun cika kilo 50. Buhu takwas ba su cika ba. Nauyinsu shi ne 47.5, 48, 47, 48.5, 46.5, 48, 47.5 da 48. Abin da ya ragu gaba ɗaya kilo 19 ne, wanda a farashin da na saya ya kama naira 22,800.

"Don kada ya zama laifin sikelina ne, na kai uku daga cikinsu kan sikelin maƙwabcin nawa, ya nuna abu ɗaya. Na kuma lura biyar daga cikin takwas ɗin akwai alamar tsohon ɗinki a bakinsu. Na ɗauki hotonsu tare da lambar rukuni da ranar da aka buga a jikinsu.

"Ban san a inda aka samu matsalar ba, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba. Mun daɗe muna ciniki da ku ban taɓa ganin haka ba, shi ya sa na ga ya dace ku fara sani. Buhunan takwas suna nan a ɗinke na ware su gefe. Ina roƙon ku turo wani ya zo da sikelinku mu sake aunawa tare daga nan zuwa Asabar. Idan ya tabbata, ko dai a canza mini su da cikakku, ko a cire naira 22,800 daga kuɗin sarina na gaba, duk wanda ya fi muku sauƙi. Ba zan iya riƙe su fiye da haka ba, domin masu gurasa na jiran kaya.

"Na gode, Allah ya bar zumunci. Naku, mai shago."

Wanda ya karanta wannan zai ga babu kalmar sata, babu ha'inci, babu barazanar kai ƙara. Ba tsoro ne ya sa aka bar su ba. Mai shagon bai san wanda ya taɓa buhunan ba, kuma tsakanin kamfani da ƙofar shagonsa hannuwa da yawa ne: direban tirela, masu sauke kaya, mai gadin sito, yaran dila, mai kura ko ɗan sahun da ya kawo. Mai yiyuwa ne shi kansa dilan ana yi masa ɓarna a sitonsa bai sani ba. Idan ka kira shi ɓarawo, ka tilasta masa kare mutuncinsa, kuma mutumin da ke kare mutuncinsa ba ya sauraron lissafi. Idan kuwa ka ba shi lambobi, ka ba shi abin da zai riƙe ya tuhumi yaransa ko ya koma wa kamfani da shi. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a kasuwa ma zato ba ya dawo da kuɗi.

Lambar rukuni da ranar da aka buga a jikin buhu suna da amfani fiye da yadda ake zato. Da su ne dila zai gane wace mota ce ta kawo kayan, kuma ko akwai sauran irinsu a sitonsa da zai auna ya gani da idonsa. Su ne kuma ke hana a ce buhunan ba daga wurinsa suka fito ba, musamman idan mai shagon yana sari a wuri fiye da ɗaya.

Abu biyu ne a wasiƙar da nake ganin ba a sassauta musu. Na farko shi ne faɗin abin da ake so a yi, da adadinsa. Wasiƙar da ta ƙare da "a duba lamarin" ta ba wanda aka rubuta wa izinin ya yi shiru. Na biyu shi ne sa rana. Fulawa ba ta son ajiya, tana jan danshi da ƙwari, kuma jarin ƙaramin shago ba ya jure a ɗaure buhu takwas har mako biyu. Saurin aikawa ma yana cikin hujja. Wanda ya kawo ƙorafi washegarin sauke kaya ana saurarensa. Wanda ya bari sai bayan kwana goma, za a tambaye shi me ya faru da buhunan a shagonsa cikin waɗannan kwanaki, kuma tambayar tana kan hanya.

Wani zai ce, a kasuwar da ake cinikin miliyoyi da baki da amana, wa ke rubuta wasiƙa? Gaskiya ne yawancin hulɗar dila da mai shago ba ta takarda ba ce, har bashin kaya ana bayarwa a kan sanayya. Amma ba lallai ne wasiƙar ta zama mai ambulan da kan sarki ba. Ana iya rubuta ta da biro a takarda, da boko ko da ajami, a ɗauki hotonta a tura ta waya, a kuma ba yaro ya kai asalin. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa ya rubuta masa. Kuma ladabi ya nuna a fara kiran Alhajin a gaisa, a ce masa ga takarda nan tafe, don kada ta zo masa kamar sammaci. Amfanin rubutun shi ne lambobi ba sa canzawa daga baki zuwa baki. Kilo 19 na ranar Laraba zai kasance kilo 19 ranar Asabar, ko da maganar ta bi ta hannun mutum uku.

Dilan kirki yakan turo yaronsa da sikeli, a auna tare, a canza kayan ko a rubuta ragin a littafin bashi. Wani kuma zai nemi a raba asarar biyu, yana cewa shi ma haka ya karɓa. A nan mai shago ne zai auna darajar hulɗarsu. Ni dai a ganina, buhun da ke da alamar sake ɗinki bai kamata a raba asararsa ba, domin an taɓa shi kafin ya iso. Ukun da ba su da alama, su ne ake iya yin sassauci a kansu.

Idan aka yi biris da shi fa? Matakin da ya fi kusa shi ne shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar da dilan yake ciki, waɗanda sasanta irin wannan rigimar aikinsu ne na yau da kullum, kuma takarda mai lambobi da shaida tana sauƙaƙa musu. A ɓangaren gwamnati, akwai Sashen Awo da Ma'auni a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, wanda aikinsa ne duba sikelin da ake ciniki da shi da kuma tabbatar da cewa kayan da aka ƙunshe sun kai nauyin da aka rubuta a jikinsu. Akwai kuma hukumar FCCPC da aka kafa a ƙarƙashin dokar 2018, sai dai ita ta fi karkata ga kare wanda ya saya domin amfanin kansa. Kowace ƙofa aka nufa, tambayoyin da za a yi iri ɗaya ne: ina rasit, yaushe aka auna, wa ya gani, ina buhunan? Wanda ya rubuta wasiƙar da ke sama ya riga ya tanadi amsoshin.

Akwai wani nauyi da ke kan mai shagon shi ma, wanda bai kamata a tsallake ba. Da zarar ya san buhu kilo 47 ne, ba shi da damar sayar wa mai gidan burodi ko mai gurasa shi a matsayin cikakke, ko ya rage cikar kwano don ya fanshe. Matar da ke gasa gurasa ta fi shi ƙarancin jari, kuma ita ba ta da wanda za ta rubuta wa. Al'ummar da ta san akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da ta sauka da gargaɗi ga masu tauye mudu, ba ta buƙatar dogon bayani a kan wannan. Idan dole ta sa ya sayar kafin a sasanta, ya sayar a kan ainihin nauyin da ya gani, ya rubuta, ya kuma sanar da dilan cewa ya yi hakan.

A sari na gaba kuwa, sikeli ya kasance a bakin ƙofa kafin mota ta tsaya. Buhu 20 ba ya cin rabin awa wajen awo idan akwai mai ɗorawa da mai rubutawa. Idan kayan sun yi yawa, a tsamo biyar ko shida daga wurare daban-daban na lodin, sama da ƙasa da tsakiya, ba waɗanda mai sauke kaya ya miƙo da kansa ba. Ɗaya ya gaza, a auna duka. Abin da aka samu a rubuta shi a bayan rasit ko takardar rakiyar kaya, direba ya sa hannu ko ya dangwala, sannan a kira dila tun motar tana tsaye, a tambaye shi ko a mayar masa da waɗanda ba su cika ba a cikin motar.